Ruwan Gwal, Ɓawon Gwal da Barme: Nawa Ne Zinarin da Ke Jiki?

Bara waccan na raka wata gwaggona layin 'yan gwal. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu za ta sayar, waɗanda aka kawo mata tsaraba, don ta cika wa jikarta kuɗin makaranta. Tun muna cikin adaidaita sahu take nuna mini ɗan rubutun da ke cikin awarwaron, wanda sai an ƙanƙance ido ake ganinsa: 18K GP. Ita dai abin da ta sani, duk inda aka ga 18 to gwal ne. Mai shagon ko sikeli bai jawo ba. Ya juya awarwaron sau ɗaya, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Hajiya, ai wannan ruwa ne. Ki ci adonki da shi, amma ba na saye ba ne."

"Yaro, duba da kyau dai. Ga lamba nan a jiki."

Lambar ba ta yi ƙarya ba. Akwai zinari mai karat 18 a jikin awarwaron. Abin da gwaggo ba ta karanta ba shi ne haruffa biyun da ke biye, kuma su ne suka faɗi cewa zinarin shafe ne kawai a kan wani ƙarfe.

Duk mai leƙa shafukan masu sayar da kayan ado a waya ya saba ganin sunaye uku: gold plated, gold filled da gold vermeil. Na farko shi ne wanda muka daɗe muna kira mai ruwan gwal. Na biyu ba shi da tsayayyen suna a bakin 'yan kasuwarmu, amma abin da ya fi kama da shi ɓawo ne, don haka zan kira shi mai ɓawon gwal. Na uku kalmar Faransanci ce, ana furta ta barme, wato azurfa da aka yi wa ruwan gwal mai kauri. Ranar da aka saye su, a ido duk ɗaya suke. Bambancinsu yana cikin abin da ido ba ya iya aunawa: kaurin zinarin da ke sama, da ƙarfen da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Karat daban, kauri daban

Wurin da aka fi ruɗewa ke nan. Karat yana faɗin tsarkin zinari ne, ba yawansa ba. Zinari tsantsa karat 24 ne. Mai karat 21, irin wanda alhazai suka fi dawowa da shi daga Saudiyya, kashi 875 cikin 1000 nasa zinari ne, sauran jan ƙarfe da azurfa. Mai karat 18 kashi 750 ne, mai 14 kuma kashi 585. Ana iya shafa zinari mai karat 24 a kan cokali, shafen da bai kai hayaƙi kauri ba, a buga masa 24K, kuma ba a yi ƙarya ba. Saboda haka babbar lamba a jikin kayan shafe ba ta nuna ƙarko. Wani lokaci ma akasin haka ne, domin zinari tsantsa ya fi gaurayayye laushi, ya fi saurin gogewa.

Kauri kuwa da maikiron ake auna shi. A raba milimita ɗaya gida 1000, gida ɗaya shi ne maikiron. Silin gashin mutum yana kai wa wajen maikiron 70, takardar littafi kuma wajen 100. Duk wanda ya riƙe wannan a ka, sauran lissafin ba zai ba shi wahala ba.

Sunayen nan uku sun samu ma'anarsu ta yanzu ne mafi yawa daga ƙa'idojin hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, kuma da ma'auninta yawancin masu sayarwa suke talla. A wurinta, kafin a kira abu mai ruwan gwal na lantarki, sai zinarin ya kai aƙalla karat 10, kaurinsa kuma ya kai maikiron 0.175. Sai an jera irin wannan shafe har 400 kafin a kai kaurin silin gashi ɗaya. Wanda bai kai haka ba, wanke shi kawai aka yi da ruwan zinari, ba a yarda a ba shi sunan ba. Wanda ya kai maikiron 2.5 shi ake bugawa HGE, wato shafe mai nauyi. Ke nan tsakanin mai ruwan gwal da wani mai ruwan gwal akwai tazarar ninki goma sha huɗu, alhali suna ɗaya suke amsawa. Shi ya sa wata za ta ce sarƙarta ta shekara biyu ba ta koɗe ba, wata ta ce tata ko sati uku ba ta yi ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Yadda ake yin shafen ba wani abin ɓoye ba ne. Ana ƙera kayan da tagulla, wato gamin jan ƙarfe da tutiya, a goge shi ya yi sumul, a wanke maiƙon jikinsa tas. Sai a rataya shi cikin ruwan magani da zinari ya narke a ciki, a saki wutar lantarki mara ƙarfi. Wutar ce take janyo zinarin ya kwanta a jikin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Idan aka bar shi ya jima, shafen ya yi kauri. Idan aka tsamo shi bayan 'yan daƙiƙoƙi, launi kawai ya ɗauka. Wani Ba'italiye mai suna Luigi Brugnatelli ne ya fara gwada wannan a 1805, sannan gidan Elkington na birnin Birmingham a Ingila suka yi rajistar dabarar a 1840 suka mayar da ita sana'a. Kafin nan da zaiba ake yi: a kwaɓa zinari da ita, a shafa, a gasa a wuta har zaibar ta tashi ta bar zinarin. Aikin yana kyau, amma tururin ya nakasa masu yinsa da yawa.

Barme ma da wannan hanya ta lantarki ake yinsa. Sharuɗɗa biyu ne suka raba shi da sauran. Na ɗaya, jikin kayan dole ya zama azurfa mai lamba 925, ba tagulla ba. Na biyu, kaurin zinarin kada ya gaza maikiron 2.5. Faransa, inda sunan ya fito, ta fi tsanantawa: maikiron 5 take nema, na zinari mai karat 18 ko sama. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, lambar zinaren da ake rataya wa zakaran gasar Olamfik ita ma azurfa ce aka lulluɓe da zinari, aƙalla giram 6. Rabon da a ba da ta zinari zalla tun gasar Stockholm ta 1912.

Mai ɓawon gwal shi ne ɗan wata unguwar. Ba a tsoma shi a ruwa. Ana ɗauko falle na zinarin gaske a ɗora a kan sandar tagulla, a haɗa su da zafi da matsi har su manne su zama jiki ɗaya, sannan a bi da su ta injin murza ƙarfe har su koma falle siriri ko waya. Da wannan falle ko waya maƙeri zai yi sarƙa ko abin hannu. Sunan Turancin yana ruɗar mutane, suna zaton an cika cikin kayan da zinari ne. A'a, zinarin a waje yake, tagulla a ciki, kamar ɓawon rake da tsakiyarsa. Kuma shi ba da kauri ake auna shi ba, da nauyi ne: dole zinarin ya kai kashi ɗaya cikin ashirin na nauyin ƙarfen kayan gaba ɗaya. Ma'anar hatimin 1/20 14K GF ke nan, wanda wasu ke taƙaitawa 14/20. Idan bai kai ba, misali kashi ɗaya cikin arba'in, sai a buga masa RGP.

Awarwaro ɗaya, riga huɗu

Mu ɗauki awarwaro guda mu bi shi daki-daki. Kewayensa santimita 20, faɗinsa milimita 6, kaurinsa milimita 2, ba rami a ciki, ba duwatsu. In da tagulla aka yi shi, nauyinsa zai kai wajen giram 20. In aka haɗa fuskar waje da ta ciki da gefuna biyu, filin da zinari zai rufe ya kai murabba'in santimita 32. Zinari tsantsa mai kaurin maikiron ɗaya a kan murabba'in santimita ɗaya kuwa nauyinsa bai cika miligiram 2 ba.

A yi masa ruwan gwal na maikiron rabi, wanda a kasuwa ba a raina shi ba. Zinarin da ya hau jikinsa duka-duka miligiram 31 ne, wato giram 0.03. In mafi ƙarancin da ƙa'ida ta yarda aka yi masa, giram 0.01 ne.

A ƙera shi da azurfa a yi masa barme na maikiron 2.5. Azurfa ta fi tagulla nauyi, don haka awarwaron zai kai giram 25, wanda 23 daga ciki azurfa ce tsantsa. Zinarin da ke sama giram 0.15.

A yi shi da ɓawon gwal mai hatimin 1/20 14K GF. Kashi ɗaya cikin ashirin na giram 20 giram ɗaya ne cif na zinari mai karat 14. A cire gamin da ke ciki, zinari tsantsa ya rage giram 0.585. In aka shimfiɗa wannan giram ɗaya a kan filin awarwaron, kaurinsa zai kai wajen maikiron 24. Ya ninka na barme kusan sau goma, ya ninka na ruwan gwal kusan sau hamsin.

Na ƙarshe, a zuba shi da gwal na gaske mai karat 21. Girman bai canja ba, amma nauyin ya koma wajen giram 40, kuma 35 daga ciki zinari ne tsantsa.

Yanzu a sa musu kuɗi. Farashin zinari ba ya kwana wuri ɗaya, don haka mu ƙaddara giram ɗaya na tsantsa naira 200,000 ne, na azurfa kuma naira 2,500, don sauƙin lissafi kawai. Duk ranar da mutum zai saya, sai ya tambayi farashin ranar ya musanya. A wannan lissafi, zinarin da ke jikin mai ruwan gwal na naira 6,000 ne, na mafi sirantar shafen kuma 2,000. Barme yana da zinarin naira 30,000 da azurfar kusan 58,000, jimla wajen 88,000. Mai ɓawon gwal yana da zinarin naira 117,000. Na gasken kuwa naira miliyan 7.

Abu biyu ne suka fito fili a nan. Na ɗaya, tazarar da ke tsakanin ukun nan, duk da girmanta, ba komai ba ce in aka kwatanta da ramin da ke tsakaninsu da gwal na gaske. Mafi tsadarsu bai kai kashi biyu cikin ɗari na wancan ba. Na biyu, barme da mai ɓawo sun yi kusa a daraja, sai dai darajar kowanne a wuri daban take. Ta mai ɓawo tana fatarsa, ta barme mafi yawa tana cikinsa.

Akwai wani tarko a lissafin mai ɓawo da 'yan talla ba sa faɗa. Tunda da nauyi ake auna zinarinsa, kaurin ɓawon yana bin kaurin kayan ne. Awarwaronmu mai jiki ne, shi ya sa ya samu maikiron 24. Waya mai kaurin milimita ɗaya, da hatimi iri ɗaya, ɓawonta wajen maikiron 8 ne. Wayar rabin milimita, irin wadda ake yin siririyar sarƙar wuya da ita, wajen maikiron 4 ne kacal, bai wuce na barme mai kyau da yawa ba. Don haka in aka ce mai ɓawon gwal ya ninka mai ruwan gwal sau ɗari, a tambaya: wane kaya, kuma wane ruwan? Ga abin hannu mai kauri da aka gwada da mafi sirantar shafe, maganar ta tsaya. Ga siririyar sarƙa, cika baki ne.

Me ke cinye shi?

Zinari ba ya tsatsa, gumi ba ya cinsa. To me ya sa kayan shafe suke koɗewa? Hanya uku ce, kuma kowacce tana da alamarta.

Babbar ita ce guga. Zinari ƙarfe ne mai laushi ƙwarai, yashi ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. Ƙurar da ke kwanciya a fata da tufafi, balle a lokacin hunturu, cike take da ɓarɓashin yashi, kuma duk motsin hannu kamar an bi kayan da sassauƙar takardar guga ne. Shi ya sa koɗewa ba ta farawa ko'ina lokaci ɗaya. Tana farawa ne a cikin tafin zobe inda yake haɗuwa da muciya da bokiti da sitiyari, a gefen awarwaro inda yake bugun ɗan'uwansa, a maƙalar sarƙa inda yatsu ke taɓawa kullum. Ɗan kunne kuwa yana rataye ne ba abin da yake gogarsa sai gefen mayafi. Shafen da zobe zai cinye cikin watanni, a kunne yana iya shekaru.

Ta biyu ta fi wayo. Shafe mai siranta ba ya rufe ƙarfe ruf, yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Gumi mai gishiri yana bi ta nan ya taɓa tagullar, ya fito da tsatsarta sama. Wannan ne koren da ake gani a wuya ko a yatsa bayan an wuni a gidan biki cikin zafi. Jan ƙarfe ne ya yi shi, kuma yana fita da sabulu. Ban da haka, jan ƙarfen da kansa yana ratsa siririn zinari a hankali ya fito sama ya dusashe shi, ko da kayan na ajiye a akwati. Masu ƙera kaya suna tare wannan ta hanyar shimfiɗa nikel tsakanin tagulla da zinari. Dabarar tana aiki, amma ta zo da nata ciwon. Fatar mutane da yawa ba ta jituwa da nikel. Da zarar zinarin ya goge ya bayyana shi, sai kunne ya fara ƙaiƙayi, ya yi ja, ya kumbura, wani har da ruwa. Macen da ta ce ita kunnenta gwal kawai yake karɓa ba iyayi take yi ba, yawanci nikel ne yake damunta.

Ta uku ita ce abin da muke shafawa da wanda muke wanki da shi. Bilic da ruwan da aka zuba wa kulorin suna cin gamin da ke cikin zinari. Turare, humra da man shafawa suna maƙalewa a lunguna, su riƙe ƙura da gumi a jikin kayan. Mafi muni shi ne man bilicin da aka haɗa da zaiba, domin zaiba tana narkar da zinari, ta bar farin tabo a jikinsa. Ko gwal na gaske ba ta bari, balle shafen rabin maikiron.

Yadda kowanne yake tsufa ya bambanta, kuma a ganina wannan ya fi lissafin shekaru amfani. Mai ruwan gwal idan ya goge, ja-ja ko fari-fari mara haske yake bayyana, kuma daga nan sai ƙara lalacewa. Barme idan ya goge, azurfa ce take leƙowa. Azurfa tana baƙi idan ta haɗu da farar wuta da ke cikin iska da gumi, don haka barme yakan yi duhu a lunguna tun kafin ya goge. Amma baƙin yana fita da tsumma mai laushi, kuma ko zinarin ya tafi duka, abin da ya rage a hannu kayan azurfa ne, ba tarkace ba. Ana iya sake yi masa ruwa ya dawo sabo. Mai ɓawon gwal shi ne mai juriyar cikinsu. Tsofaffin agogunan aljihu da aka yi a Amurka da irin wannan ɓawo har garantin shekara 20 ko 25 ake bugawa a murfinsu, kuma da yawansu suna nan da haskensu. Rauninsa yana bakin da aka yanke waya, inda tagulla take a buɗe, da inda aka yi walda. In aka kai zobensa a rage ko a ƙara, wuta da zarto suna iya huda ɓawon, kuma ba a iya mayar da shi. Iyaka a rufe wurin da ruwan gwal.

A 'yan shekarun nan an cika kasuwa da wani na huɗu, wanda ake tallarsa da cewa ba ya koɗewa ko an yi wanka da shi. Ƙarfen silba ne mara tsatsa, aka fesa masa wani shafe mai tauri a cikin injin da aka zuƙe wa iska, ana rubuta masa PVD. Yana da ƙarko da gaske, sau da yawa ya fi ruwan gwal na tagulla. Taurin ne ya ba shi ƙarkon, ba yawan zinari ba, wanda ɗan kaɗan ne ko ma babu.

A gaban kanta

Hatimi shi ne farkon abin dubawa, da madubin ƙara girma ko kyamarar waya. GP da GEP ruwan gwal ne. HGE ruwa ne mai kauri. GF ɓawo ne, kuma na kirki yakan zo da 1/20 a gabansa. Kayan da launinsa na gwal ne amma an buga masa 925, cikinsa azurfa ce, sai dai lambar ba ta ce komai game da kaurin shafen ba. Akwai azurfa mai yawa a kasuwa da aka yi wa wankin zinari kawai ake kiranta barme. Tambayar da za a yi wa mai kaya ɗaya ce: maikiron nawa? Wanda ya san kayansa zai ba da lamba. Wanda ya amsa da cewa ai karat 18 ne, ko ai ɗan Dubai ne, wata tambayar ya amsa.

Shi kuma hatimi ƙarfe ne da guduma, kowa yana iya buga shi, kuma ƙa'idar Amurka ba ta bin kaya har cikin kwantena. Sai a haɗa da duba ƙirar kayan. Tunda ɓawon gwal daga falle da waya ake yinsa, ba a iya narka shi a zuba a cikin kwarya, domin da ya narke zinari da tagulla sun gauraye. Saboda haka kayansa na gaske ba su da hayaniya: sarƙoƙi, 'yan kunne masu zagaye, awarwaro mai santsi, beji da aka buga daga falle. Idan aka nuna wa mutum ƙaton saitin amarya mai furanni da sassaƙa da tudu da kwari, irin wanda sai dai zubi, aka ce masa ɓawon gwal ne, to kusan tabbas ruwan gwal ne aka canja wa suna.

Gwaje-gwajen da aka saba yi a gida ba su da ƙarfin da ake ba su. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla, ba ya kama azurfa, ba ya kama zinari, don haka rashin kamawarsa bai tabbatar da komai ba. Dutsen guga da asid na 'yan gwal yana tona asirin ruwan gwal nan take, amma ɓawo mai kauri yana iya tsallake shi idan an goga sama-sama, domin abin da ya kwanta a dutsen zinarin gaske ne. Shi ya sa ƙwararre yake ɗan tsaga wuri ɓoyayye da zarto ya ɗiga asid a cikin tsagar. Ko injin haske na zamani da wasu shaguna ke da shi fatar kaya yake karantawa, ba ya shiga can ciki.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya ɓata kaya, kuma sikelin giram da kofin ruwa da zare kawai yake bukata. A auna awarwaron a rubuta. A ɗora kofin ruwa a sikeli a mayar da shi sifili. A ɗaure awarwaron da zare a nutsar da shi duka cikin ruwan, yana rataye, kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Lambar da sikeli ya nuna ita ce girman jikinsa. A raba nauyin farko da ita. Awarwaronmu na tagulla zai ba da 20.4 a raba da 2.4, wato 8.5, ko ruwa ne a jikinsa ko ɓawo, bambancin ɗan kaɗan ne. Na azurfa zai ba da 10 da ɗoriya. Gwal mai karat 18 yana wajen 15, mai karat 21 yana kusa da 17. Gwajin ba ya aiki ga kaya mai rami a ciki ko mai duwatsu, kuma ga abu mara nauyi kamar ɗan kunne kuskuren sikeli yana rinjayar sakamakon.

To wanne za a saya? Ni dai da yawan gugar da kaya zai sha nake zaɓa. Saitin da za a sa ranar kamu da ranar ɗaurin aure a mayar akwati, ruwan gwal ya ishe shi, kuma asara ce a biya kuɗin barme a kansa. Ɗan kunnen kullum, musamman ga mai kunnen da ba ya son nikel, barme ya fi dacewa, da sharaɗin a tabbatar ba a shimfiɗa nikel a ƙarƙashin zinarin ba, domin wasu suna yi. Awarwaro da sarƙar da ba a cirewa, mai ɓawo. Zoben da za a yi girki da wanki da alwala da shi shekara da shekaru kuwa, babu ɗaya daga cikin ukun da zan ba wa amana. Gara zoben azurfa zalla irin na maƙeran Agadas, ko siririn na gwal.

Kuma a riƙa kallon inda farashi ya kai. Kuɗin kayan shafe mafi yawansa na aiki ne da ƙira da suna da ribar ɗan kasuwa, ba na ƙarfe ba. Ba laifi ba ne, ado ake saye. Amma a lissafinmu na ɗazu, ɗan kunnen gwal mai karat 18 na giram ɗaya zinarinsa naira 150,000 ne, ban da kuɗin aiki. Idan saitin barme ko na ɓawo ya fara taɓa wannan kuɗi, mai haɗa lefe ya tsaya ya tambayi kansa abin da yake so ya ba amarya: abin da zai cika wuya a hoto, ko abin da za ta iya kwancewa ta sayar ranar da ta shiga matsi. A gidajenmu gwal ɗin mace asusunta ne, kuma kayan shafe ba sa shiga wannan asusu. Zinarin naira 6,000 da ke jikin awarwaro, kuɗin maganin da za a cire shi da aikin tacewa sun cinye shi, shi ya sa ɗan gwal ba ya ko tayawa. Mai ɓawo sai an tara shi da yawa kafin masu tacewa su kula shi. Barme ne kaɗai ake iya ɗorawa a sikeli, shi ma a kuɗin azurfa.

Gwaggo dai ta dawo da kayanta gida a ƙullin gyale. Sarƙar da 'yan kunnen har yanzu tana zuwa suna da su, ba su canja ba. Awarwaron biyu, da yake tare take sa su suna gugar juna, gefensu ya riga ya yi ja. Kuɗin makarantar kuwa, ɗan kunnenta na aure ne ya biya, wani ƙarami mai giram biyu da rabi da aka buga wa 875.